¥4,200: Yen ne ko Yuwan? Yadda Ake Tantance Kuɗin da Aka Rubuta Farashi da Shi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na ga injin ɗinki a wani shafin sayayya na ƙasar waje, an rubuta farashinsa ¥4,200. Na duba a manhajar canji ta ba ni dala 28, abokin kasuwancina kuma ya duba a tasa ta ba shi dala 600. Wane ne ke da gaskiya a cikinmu, kuma yaya zan riƙa gane irin kuɗin da ake nufi kafin in biya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinku, kuma babu manhajar da ta yi ƙarya. Kai ka zaɓi yen na Japan, shi kuma ya zaɓi yuwan na ƙasar Sin, waɗannan kuɗaɗe biyu kuwa alama ɗaya suke amfani da ita, wato ¥. Idan muka ɗauka cewa dala ɗaya ta Amurka tana daidai da yen 150, to 4,200 a raba da 150 ya ba da dala 28. Idan kuma muka ɗauka cewa dala ɗaya tana daidai da yuwan 7, to 4,200 a raba da 7 ya ba da dala 600. Farashin canji yana hawa da sauka kullum, na zaɓi waɗannan lambobi ne domin su ne suke fitar da amsoshin da kuka samu, amma ratar da ke tsakanin kuɗaɗen biyu ta kai ninki ashirin ko kusa da haka. Saboda haka tambayar da ya kamata a fara amsawa ba ta canji ba ce, ta sunan kuɗin ce, kuma alamar da ka gani ba za ta iya amsa ta ita kaɗai ba.

Dalilin da ya sa alama ba ta isa ba yana da sauƙin fahimta idan ka tuna wanda aka yi ta dominsa. Alamar kuɗi ta 'yan gida ce. Mai kanti a Osaka da ya rubuta ¥ a jikin kaya ba ya tunanin wani zai ɗauka yuwan yake nufi, domin duk wanda ya shigo kantinsa yen ne a aljihunsa, haka ma mai kanti a Gwangzu ba ya tunanin yen. Kowannensu yana magana ne da mutanen da suka riga suka san abin da yake nufi. Sai da shafukan sayayya suka kawo farashin kantunan biyu gaban mutum ɗaya, a kan fuskar waya ɗaya, sannan matsalar ta fito fili. Kamannin ma ba haɗari ba ne, asali ne ya haɗa su: sunan yen da na yuwan, har da won na Koriya, duk sun samo tushe daga harafi ɗaya na rubutun Sin mai ma'anar abu mai zagaye, wato tsabar kuɗi. Da aka zo rubuta su da haruffan boko, yen da yuwan duka suka faɗa kan Y, aka ja masa layi biyu a tsakiya, sai alamar ta zama ta kowa.

Wannan ruɗani ne ya sa aka yi taƙaitattun sunaye masu haruffa uku, waɗanda ƙa'idar ISO 4217 ta tsara tun daga 1978, kuma su ne harshen da bankuna da kamfanonin kati da na jiragen sama suke magana da shi a tsakaninsu. Gininsu ba shi da wuya. A mafi yawan sunayen, haruffa biyun farko na ƙasa ne, an ɗauko su daga wata ƙa'idar mai suna ISO 3166, na ukun kuma galibi harafin farko ne na sunan kuɗin. JP Japan ce, Y kuma yen, sai aka samu JPY. CN ƙasar Sin ce, Y kuma yuwan, sai aka samu CNY. Haka US da D suka ba da USD, dalar Amurka, GB da P suka ba da GBP, fam na Birtaniya. Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne, harafin da ya ruɗa ku, wato Y, yana nan a ƙarshen sunayen biyu, amma an sa masa sunan ƙasa a gabansa, kuma sunan ƙasar nan shi ne dukan abin da alamar ¥ ta rasa. Duk suna ɗaya na kuɗi ɗaya ne tak, ba a raba shi tsakanin kuɗaɗe biyu masu ci a lokaci guda. Akwai kuma lamba mai alƙaluma uku da ke tafiya da kowane suna, 392 ga yen, 156 ga yuwan, 840 ga dalar Amurka, wadda na'urorin kati suke aikawa da ita, amma kai ba safai za ka buƙace ta ba.

Yanzu mu koma kan shafin da ka gani, mu bi shi da ido kamar yadda nake yi idan an kawo mini takardar farashi da ba a rubuta sunan kuɗi a jikinta ba.

Abin farko da nake dubawa shi ne wutsiyar lambar. Yen ba shi da ƙaramin kaso da ake kashewa, domin an daina amfani da tsabar sen tun 1953, saboda haka farashin kaya a Japan cikakkiyar lamba ce, ba ɗigo ba sifiri biyu a bayanta. Yuwan kuwa ya kasu kashi ɗari, ana kiran kowane kaso fen, shi ya sa shafukan Sin suke yawan rubuta ¥4,200.00 ko ¥39.90. Idan ka ga ɗigo da alƙaluma biyu bayan lamba mai alamar ¥, to kusan tabbas yuwan ne. Sai dai wannan shaida tana aiki ta fuska ɗaya kawai. Rashin ɗigon ba ya tabbatar da yen, tun da mai sayarwa a Sin yana iya zubar da sifirai biyun idan farashin cikakke ne, kuma abin da ka gani ke nan, ¥4,200 ba wutsiya. Don haka wannan gwajin bai raba gardamarku ba, sai mu matsa gaba.

Na biyu shi ne rubutun da ke kewaye da farashin, ko da ba ka iya karanta harshen ba. Mutanen Japan idan suna rubutu da harshensu sukan sa harafin 円 bayan lamba, kamar 4,200円, mutanen Sin kuma sukan sa 元, kamar 4200元. Ka riƙe siffofin nan biyu a ranka: na Japan kamar akwati ne mai layi a ciki wanda ƙasansa yake buɗe, na Sin kuma layi biyu ne a sama da ƙafafu biyu a ƙasa. Kusa da farashin Japan ana yawan ganin 税込, ma'ana an haɗa da haraji, a shafukan Sin kuma ana yawan ganin 包邮, ma'ana kuɗin aikawa yana ciki. Idan kuma ka ga RMB, to yuwan ake nufi ba shakka, domin taƙaitawa ce ta sunan kuɗin a hukumance, wanda ke nufin kuɗin jama'a. RMB ba ya cikin jerin ISO 4217, shi ya sa idan ka neme shi a takardar aika kuɗi ta banki ba lalle ka same shi ba, CNY za ka zaɓa. Akwai kuma CNH da 'yan kasuwar canji suke amfani da shi ga yuwan da ake hada-hadarsa a wajen babban yankin Sin, musamman a Hong Kong, kuɗin ɗaya ne, farashin canjin ne yakan ɗan bambanta.

Ina gargaɗinka da abu ɗaya a nan, domin ya sha cutar da mutane: idan ka bar burauzarka ta fassara shafin da kanta, tana iya mayar da 元 ko 円 zuwa wata kalma ko alama da ba daidai ba. Ka kashe fassarar na ɗan lokaci, ka kalli farashin a rubutunsa na asali, sannan ka kunna.

Na uku shi ne mazaunin mai sayarwa. Adireshin shafi da ya ƙare da .jp, ko lambar waya da ta fara da +81, suna nuna Japan, yayin da .cn da +86 suke nuna Sin. Idan an ba ka bayanan banki, lambar SWIFT, wadda ake gane banki da ita wajen aika kuɗi tsakanin ƙasashe, ita ma tana faɗa, domin harafi na biyar da na shida a cikinta sunan ƙasar bankin ne, JP ko CN. Wannan shaida ce mai ƙarfi amma ba hukunci ba ce, saboda inda mutum yake zaune ba shi ne yake yanke irin kuɗin da zai karɓa ba. Akwai kamfanonin Sin masu yawa da suke sayarwa a kasuwannin intanet na Japan, farashinsu da yen, kuma masu fitar da kaya daga ƙasashen biyu sukan yanka wa baƙi farashi da dalar Amurka.

Na huɗu shi ne hankali, wato ka tambayi kanka ko farashin ya dace da kayan. Idan injin da ka gani babba ne na masana'anta, mai teburi da mota, to dala 28 ba ta kama hanyar gaskiya ba, ko ƙarfen jikinsa ya fi haka, abokinka ne yake kan daidai. Idan kuwa ɗan ƙaramin injin roba ne mai aiki da batir, to dala 600 ce ta zama abin mamaki, kai ne kake kan daidai. Ba ka faɗa mini wane iri ba ne, amma na san da ka karanta wannan ka riga ka hango amsar.

Duk waɗannan huɗun alamu ne masu kai mutum ga zato mai ƙarfi. Tabbaci yana wuri ɗaya, shi ne shafin ƙarshe na biya, inda ake nuna jimilla kafin ka danna amincewa, ko kuma takardar neman biya da mai sayarwa ya aiko. A can ne ya kamata ka ga JPY 4,200 ko CNY 4,200.00 a rubuce. Idan har a wannan mataki ma alama kawai ka gani, shawarata ita ce ka dakata.

Akwai abin da zai ba ka mamaki game da wayoyinku biyu, kuma mai yiwuwa shi ne ya jefa ku cikin gardamar tun farko. Manhajoji da yawa ba sa ajiye alamar kuɗi, sunan haruffa uku suke ajiyewa, sannan su zaɓi alamar da za su nuna bisa ga harshe da ƙasar da aka saita na'urar a kai. A na'urar da aka saita da Turancin Amurka, yen yana fitowa da ¥ tsurarsa, yuwan kuma da CN¥. A na'urar da aka saita da harshen Sin lamarin juyawa yake yi, yuwan ne yake samun ¥ tsurarsa, yen kuma ya koma JP¥. Wato alama tsura tana nufin kuɗin da manhajar take zaton ka fi sabawa da shi, kuma zatonta na iya saɓa wa na mai sayarwa. Haka nan a manhajar jadawalin lissafi, idan ka zaɓi alamar kuɗi ga wani layi, kwalliya kawai ka yi wa lambar, ba a canja komai ba. Na taɓa karɓar jadawali daga wani mai shigo da kaya, ya tattara farashi daga masana'antu shida, biyu a Japan huɗu a Sin, ya zuba su a layi ɗaya ƙarƙashin ¥, manhajar ta haɗa masa jimilla tsaf, jimillar da ba ta nufin komai a kowane kuɗi na duniya. Ya kuma yanke cewa masana'antun Japan sun fi tsada nesa ba kusa ba, alhali da muka raba layin gida biyu, ɗaya na sunan kuɗi ɗaya na lamba, sai ɗaya daga cikinsu ta fito mafi araha a cikin shidan.

Duk da haka, a ganina ¥ ba ita ce alama mafi haɗari ba, domin kuskuren ninki ashirin yana da ƙara, yakan tayar da mutum daga barci kamar yadda ya tayar da ku. Wadda ta fi cin mutane a ɓoye ita ce $. Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Singafo da Hong Kong duka dala suke kiran kuɗinsu, duka kuma $ suke rubutawa a gida, sunayensu kuwa USD da CAD da AUD da NZD da SGD da HKD. Wasu daga cikinsu darajarsu tana kusa da juna, kusancin da zai sa farashin kuskure ya yi kama da na gaskiya, hankali bai ga abin zargi ba.

Bari in nuna maka da misali. Ka ɗauka an aiko maka da farashin kaya iri ɗaya daga wurare biyu, wani a Amurka ya ce $1,050, wani a Kanada ya ce $1,300. Ido yana ganin na farko ya fi sauƙi da 250. Amma idan na Kanada da kuɗin ƙasarsa yake magana, kuma muka ɗauka cewa USD 1 daidai yake da CAD 1.35, to 1,300 a raba da 1.35 ya ba da kimanin USD 963, wato na biyun ne ya fi sauƙi da kusan dala 87. Wanda ya karanta alama kawai zai sayi mai tsada yana murna ya yi ciniki, kuma ba ranar da zai gane, domin babu takardar da za ta zo ta tona. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, wanda ya fi ciwo: ka san mai kayan ɗan Kanada ne, sai ka ɗauka CAD yake nufi, ka tanadi kwatankwacin USD 963, ashe shi da yake yana sayar wa baƙi ne ya yanka da dalar Amurka, sai ranar biya ka tarar da giɓin dala 337. Dalar Hong Kong ita ce mai sauƙin lissafi a cikinsu, saboda an ɗaure ta da ta Amurka tun 1983, kuma hukumar kuɗin yankin tana tsare ta tsakanin 7.75 da 7.85, don haka $780 a kantin Hong Kong kusan USD 100 ne. Masu kula sukan sa harafi gaban alamar, su rubuta US$ ko C$ ko A$ ko S$ ko HK$, wannan ya fi babu, amma al'ada ce ba ƙa'ida ba, shi ya sa za ka ga C$ a wani wuri, CA$ a wani.

Ba dala kaɗai ce take da $ ba. Meziko da Ajantina da Cile da Kolombiya feso suke kashewa, kuma da wannan alama suke rubuta shi, hasali ma yawancin masana tarihin kuɗi suna ganin daga feson Sifaniya alamar ta samo asali kafin dalar Amurka ta gaje ta. A nan wata matsala ta biyu take haɗuwa da ta farko, ita ce ta ɗigo da waƙafi. A Amurka da Birtaniya da Japan da Sin waƙafi ne yake raba dubbai, ɗigo kuma ya raba ƙananan kaso. A Jamus da Italiya da Barazil da Kolombiya da wasu ƙasashe masu yawa akasin haka ne. Don haka $60.000 a Bogota feso dubu sittin ne, COP 60,000 a rubutun da ka saba, ba dala sittin ba, kuma da yake dala ɗaya dubban feson Kolombiya ce, kuɗin bai kai abin da baƙo zai zata ba. Haka 1.250,00 € a takardar Jamus yuro dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne. Dabarar da nake bi ita ce in dubi rabawar ƙarshe ta hannun dama in ƙirga alƙaluman da suka biyo ta: idan biyu ne, ƙananan kaso ne, idan uku ne, galibi dubbai ne.

Na ce galibi, domin akwai kuɗaɗen da suke karya wannan dabara, kuma sunan haruffa uku ne kaɗai zai cece ka daga gare su. Dinarin Kuwaiti da na Bahrain da na Jodan da na Tunisiya, da riyal na Oman, kowannensu ya kasu kashi dubu ne ba ɗari ba, saboda haka ana rubuta su da alƙaluma uku bayan ɗigo. KWD 1.250 dinari ɗaya ne da kwata, ba dinari dubu da ɗari biyu da hamsin ba. Jerin ISO 4217 yana faɗin wannan ga kowane kuɗi: sifiri ga JPY da KRW na Koriya ta Kudu, biyu ga CNY da USD da EUR, uku ga KWD da BHD da JOD da TND da OMR. Na'urorin biya da wannan adadi suke aiki, domin da yawansu suna aika kuɗi a matsayin cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar kaso. Lambar 4200 idan ta tafi da JPY yen dubu huɗu da ɗari biyu ce, idan ta tafi da CNY yuwan 42 ce, idan ta tafi da KWD dinari 4.200 ce, wato huɗu da ɗan kai. Ka ga ke nan lamba ba ta da ma'ana sai an san sunan kuɗin, ba wajen darajarta kaɗai ba, har wajen inda ɗigonta zai zauna.

Sauran alamomi masu kama da juna zan ratsa su da sauri, domin maganinsu ɗaya ne. Ana rubuta kr a Suwidin da Norwe da Danmak da Aisilan, kuɗaɗe huɗu daban, SEK da NOK da DKK da ISK. Ana ganin Rs a Pakistan da Siri Lanka da Nefal, Indiya kuma ta yi wa rupinta alama ta kansa, ₹, a 2010, ko da yake har yanzu wasu suna rubuta Rs. Alamar £ ba ta Birtaniya kaɗai ba ce, ana samunta a farashin fam na Masar. Sai waɗanda zanensu ne kawai ya yi kama a kan ƙaramar fuskar waya, irin ₱ ta feson Filifin da ₽ ta kuɗin Rasha, ko ฿ ta kuɗin Tailan da ₿ ta bitkoyin.

Ba zan bar ka da tunanin cewa haruffa ukun ba sa yaudara ba, domin su ma sai an karanta su a tsanake. Wanda ya fi shafar mai sayayya daga Sin shi ne CHF. Na ga mutane da dama sun zaɓe shi a jerin manhajar canji suna zaton na Sin ne, saboda sunan ƙasar a Turance da waɗannan haruffa biyu ya fara, alhali CH na Siwizalan ne, daga sunanta na Latin, kuma faran ɗinta yana daga cikin kuɗaɗe masu tsada, darajarsa ta ninka ta yuwan sau da yawa. AUD da AED harafi ɗaya ya raba su, na farko dalar Ostireliya, na biyu dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda aka ɗaure a kan 3.6725 ga dalar Amurka ɗaya. INR na Indiya ne, IDR na Indunusiya, IRR na Iran, kuma a jerin zaɓi suna zaune kusa da juna, yatsa yana iya zamewa. Akwai kuma tsofaffin sunaye da suka mutu, domin idan ƙasa ta zubar da sifirai daga kuɗinta sabon suna ake ba shi: Turkiyya ta cire sifiri shida a 2005, TRL ya koma TRY, Meziko kuma ta cire uku a 1993, MXP ya koma MXN. Wannan ne ma dalilin da ya sa harafi na uku a wasu sunaye bai dace da sunan kuɗin ba. Idan ka ci karo da tsohuwar takarda ko tsohon farashi a intanet, ka dubi shekararsa kafin ka yi lissafi da shi.

Idan an kai ga aika kuɗi ta banki da sunan da ba daidai ba, abin da ke biyo baya ya danganta da bankin mai karɓa. Wani zai canja kuɗin da farashinsa, wanda ba kai ka zaɓa ba, mai kaya ya ga adadi da bai cika ba ya riƙe kayan. Wani kuma zai dawo da kuɗin bayan kwanaki, an zare ladan bankunan da suka ratsa, an kuma canja shi sau biyu, zuwa da dawowa. Idan da kati ka biya, saƙon cirewa ko bayanin asusu yakan nuna ainihin sunan kuɗin cinikin da adadinsa, ka duba shi nan take, domin soke ciniki ya fi sauƙi kafin a ɗora kaya a hanya.

Game da injin nan, kafin ka biya ko ka yi wa wani alkawarin farashi, ka rubuta wa mai sayarwa tambaya ɗaya da ba ta buƙatar fassara mai yawa, ka ce masa ya tabbatar ko JPY 4,200 ne ko CNY 4,200, ka rubuta su duka biyu kamar haka da haruffansu, domin ko wanda bai ji harshenka ba zai gane su ya nuna ɗaya. Ka nemi ya sa sunan a jikin takardar neman biya, a gaban farashin kayan da gaban kuɗin aikawa da gaban jimilla, kowanne daban, saboda yakan faru a yanka kaya da yuwan a yanka dako da dala a takarda ɗaya. Idan amsa ta zo, a manhajar canji kada ka nemi alamar, ka buga haruffan uku da hannunka, ka karanta sunan ƙasar da ya fito a gefensu, sannan kai da abokinka ku sa lambar a wayoyinku biyu ku ga ko yanzu sun ba da amsa ɗaya.